Abin Da Sifili Ke Faɗa Idan Sabunta Gem Ya Tsaya A Wayoyin Karaye Da Rogo

Wasannin waya da matasan Karaye da Rogo suka fi bugawa, irin su Free Fire na kamfanin Garena da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, da Call of Duty: Mobile na 2019, da eFootball wanda kamfanin Konami ya sauya masa suna daga PES a 2021, duk sun yi tarayya a abu guda, wato ba a buga su da sauran jama'a sai sigar da ke cikin wayar mutum ta yi daidai da wadda ke kan manyan kwamfutocin kamfanin. Wannan ne ya sa sabuntawa, wadda matasa ke kira abdet, ta zama dole, domin wanda bai yi ta ba a ƙofa zai tsaya. Matsalar da aka fi kokawa da ita iri biyu ce: ko dai lissafin saukewa ya kafe a kan sifili cikin ɗari, ko kuma ya yi ta tafiya har ya kusa cika sannan ya rushe ya koma farko. Yawancin mutane suna ɗaukar su a matsayin cuta ɗaya, suna ɗora laifin a kan sabis, alhali inda lissafin ya tsaya shi ne ke nuna asalin ciwon, kuma wanda ya iya karanta shi zai tsirar da datar da ta ƙara tsada tun bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, sifili ba kullum yake nufin an tsaya ba, kuma ɗan lissafi kaɗan zai nuna haka. A ɗauka sabuntawar tana da nauyin gigabait 1.5, wato megabait 1,500, wanda kashi ɗaya cikin ɗarinsa ya kama megabait 15. Girman fayil da bait ake auna shi, amma saurin sabis da bit ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya, don haka megabait 15 daidai yake da kilobit 120,000. Idan wayar tana nuna harafin E a samanta, alamar tsohon tsarin 2G, kuma saurin da ake samu bai wuce kilobit 100 a daƙiƙa ba, to sai an yi minti 20 cur kafin sifilin ya koma ɗaya, aikin gaba ɗaya kuwa zai haura awa 33. Wannan fayil ɗin dai, a kan 4G mai ba da megabit 5 a daƙiƙa, minti 40 kawai zai ci. Matashin da ke wani ƙauye nesa da ƙarfen sabis, can wajen Dam ɗin Challawa ko a gonakin da ke iyakar Rogo da jihohin Kaduna da Katsina, yakan zuba wa sifilin ido minti goma, ya gaji, ya soke, ya sake farawa, kuma sokewar takan zubar da ɗan abin da ya riga ya sauka.

Hanyar bambancewa tana da sauƙi, domin wayoyin Tecno da Infinix da Itel da dama suna iya nuna saurin data a saman fuska, kusa da alamar batir. Idan lambar tana motsi tsakanin 10 KB/s da 15 KB/s, saukewa na tafiya, tafiyar hawainiya ce kawai, kuma maganinta sauya wuri ko sauya lokaci. Yawan sandunan sabis ba abin dogaro ba ne, saboda suna nuna ƙarfin siginar ne kawai, ba su nuna yawan mutanen da ke rabon ƙarfe ɗaya ba, shi ya sa ranar kasuwa, ko tsakanin magariba da bayan isha'i, za a ga sanduna cike amma data ba ta motsi. Mai son ainihin ma'auni zai shiga Settings, ya buɗe About phone, ya duba SIM status, inda ake rubuta ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi: -85 dBm sigina ce mai kyau, -110 dBm kuwa rarrauna ce, kuma babban fayil ba ya cika sauka lafiya a kanta. Bayan sallar asuba, a waje ba cikin ɗaki mai rufin kwano ba, sau da yawa layin da ya gagara da dare yakan gama aikin.

Idan kuwa lambar saurin tana kan sifili ita ma, to wani abu ne ya tare hanya. Play Store yakan rubuta Pending ko Waiting for Wi-Fi a ƙarƙashin sunan gem ɗin. Na farko yana nufin akwai wasu manhajoji a layi gabansa da ya kamata a dakatar, na biyu kuma yana nufin an saita wayar kada ta sauke komai sai a kan Wi-Fi, abin da ba kowane gida ke da shi ba a wannan yanki. Ana gyara shi a cikin Settings na Play Store, ƙarƙashin Network preferences, inda za a mayar da App download preference zuwa Over any network. Haka nan Data Saver da Battery Saver, waɗanda mai lallaɓa caji saboda ƙarancin wutar lantarki ba ya rabuwa da su, suna takaita aikin da manhaja ke yi a bayan fage, sai saukewa ta tsaya da zarar fuskar waya ta mutu. Akwai kuma batun nau'in datar da aka saya, domin mai rahusar nan da ake warewa don WhatsApp da Facebook kaɗai ba ta sauke gem, ga saƙonni suna shigowa, mai waya yana ganin sabis lafiya lau. Agogon waya ma yana da hannu, saboda kafin a fara saukewa wayar tana duba takardar shaidar tsaro ta kwamfutar kamfanin, wadda ke ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma wayar da kwanan watanta ya koma shekarun baya za ta ƙi amincewa da ita har sai an mayar da Date & time kan saitin da ke daidaita kansa.

Rushewa a kusa da ƙarshe ita ce ta fi cin dukiya, kuma galibi daga ma'ajiyar waya take tasowa. Fayil ɗin sabuntawa a dunƙule yake zuwa, kamar auduga da aka danne cikin buhu, kuma bayan ya sauka sai an warware shi kafin ya yi aiki. A lokacin warwarewar abubuwa uku ne ke zaune a wayar tare: tsohuwar sigar da ba a gogewa sai sabuwa ta zauna, da dunƙulallen fayil ɗin, da kuma warwararren da ake kan rubutawa. Bayan haka tsarin Android yana keɓe wa kansa wani ɗan wuri, wanda kan kai megabait 500, da ba ya barin manhaja ta taɓa. A ɗauki waya mai gigabait 32 da ta rage da gigabait 2.1, mai ita ya ga sabuntawar 1.5 ce, ya ce ai wuri ya isa. Saukewa ta kammala, saura megabait 600 kacal, warwarewa kuma tana neman, a ce, gigabait 2, sai aikin ya rushe, wani gem ɗin ya share abin da ya sauke ya koma sifili. Idan ya gwada sau uku ya ƙone gigabait 4.5, kuma ko a tsakiyar birnin Kano ya gwada na huɗun haka zai rushe, domin ba sabis ne ya hana ba. Alamarsa ita ce rushewa a wuri ɗaya kowane lokaci, a matakin da ake rubuta Installing ko Verifying, wani lokaci tare da saƙon Insufficient storage. Rushewar da sabis ke jawowa kuwa ba ta da tsayayyen wuri, yau a kashi 30, gobe a 70.

Abin da ya fi dacewa shi ne a tanadi wuri ninki uku na nauyin sabuntawar kafin a danna komai, wato kimanin gigabait 4.5 a wannan misali. Mafi yawan wurin yana hannun bidiyon bukukuwa da wa'azi da finafinan da suka taru ta WhatsApp da Xender, kuma WhatsApp yana jera manyan fayiloli a ƙarƙashin Storage and data, sannan Manage storage. Katin memori yana taimakawa wajen kwashe waɗannan, amma ba ya ƙara wa gem wuri, tunda manyan wasannin a ma'ajiyar cikin waya suke zama. Katin jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 64 alhali abin da yake riƙewa bai kai haka ba, yana karɓar fayil kamar lafiya sannan ya lalata shi, don haka kada a goge asali sai an buɗe kwafin an tabbatar.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi zafi. A shafin kowace manhaja akwai Clear cache da Clear data, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce: na farko tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, kuma yin sa ga Play Store yakan saki saukewar da ta maƙale, na biyu kuwa idan aka yi wa gem yana share taswirori da kayan da aka sauke a cikinsa, har da asusun wanda ya shiga a matsayin Guest. Yaron da ya shekara biyu yana tara matsayi zai iya rasa shi da dannawa ɗaya a shagon mai caji, don haka wajibi ne a ɗaure asusun da Google ko Facebook kafin a taɓa wannan maɓalli.

Saura gem ɗin da aka karɓa ta Xender daga wayar aboki, al'adar da tsadar data ta sa ta yaɗu, kuma dabara ce mai kyau muddin asalin fayil ɗin daga Play Store ya fito. Kowace manhajar Android tana ɗauke da sa hannun kamfanin da ya yi ta, kuma tsarin ba ya yarda sabuwar siga ta hau kan tsohuwa sai sa hannun ya zo ɗaya. Gem ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima don ya ba da kuɗin wasa kyauta ya rasa wannan sa hannu, saboda haka sabuntawarsa za ta ƙare da App not installed komai kyan sabis da yalwar wuri. Tun daga Android 11 kuma an tsaurara shiga jakunkunan `Android/data` da `Android/obb`, inda manyan fayilolin gem ke zama, sai ya zamana turawa takan kawo manhajar ta bar kayan cikinta a wayar abokin. Irin wannan ba shi da gyara illa a ɗaure asusun, a cire gem ɗin gaba ɗaya, a share wuri ninki uku, sannan a sauke na asali da sassafe a inda wayar ke nuna 4G, tana jone da caji.