Wasiƙar Bankwana ta Shugaban Makaranta Mai Shirin Ritaya

Shugaban makarantar firamare da lokacin ritayarsa ya gabato yakan rubuta takardu uku, kuma kowacce da inda take zuwa. Ta farko sanarwar ajiye aiki ce, wadda yake miƙa wa hukuma ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ta biyu takardar miƙa aiki ce, wadda ke lissafa wa magajinsa rajistoci, kujeru, littattafai, makullai da kuɗin da ke hannu. Ta uku ita ce wasiƙar bankwana ga iyayen yara da malamai. Babu dokar da ta wajabta wannan ta ukun, amma ita kaɗai ce ke shiga gidajen unguwa, kuma yawancin kurakuran da ake yi a cikinta sun samo asali ne daga cusa mata aikin sauran biyun.

Ranar ritaya ba ta zuwa bagatatan. A tsarin aikin gwamnati a Najeriya ma'aikaci kan sauka idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga wa'adin malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 na aiki, ko da yake jihohi ba su fara aiki da ita lokaci guda ba. Ke nan hedimasta ya san ranarsa tun da nisa, yana da sararin zaɓar lokacin fitar da wasiƙa. Mafi dacewa shi ne makonni biyu ko uku kafin ranar, bayan hukuma ta amince da sanarwarsa. Idan ta fito watanni kafin lokaci, horo kan yi sako-sako a makaranta, domin kowa ya fara kallon mai zuwa. Idan kuma ta fito bayan ya tafi, iyaye sun riga sun ji labari a bakin yara. In ranar ta faɗo kusa da ƙarshen zango, ana iya haɗa wasiƙar da katin sakamako, wanda shi ne takardar da aka fi tabbatar za ta isa gida.

Gajartar wasiƙar tana da dalili na zahiri. A unguwanni da ƙauyuka da yawa wasiƙar makaranta da kunne ake karɓarta: ɗan aji biyar ne zai karanta wa mahaifiyarsa a tsakar gida, ko sakataren ƙungiyar iyaye da malamai ya karanta a taro. Abin da ya wuce fuska ɗaya ta takarda, wato kalmomi 150 zuwa 200, ko kimanin minti biyu na karatu da murya, zai gaji mai karatu kafin ya kai ga muhimmin wuri. Don haka ma ya fi kyau a rubuta ta da Hausa kai tsaye inda Hausa ce harshen gida, a bar Turanci ga kwafin da zai shiga fayil.

A ɗauki misalin hedimastan da ya yi shekara 11 a wata firamare ta gari. Ga yadda wasiƙarsa za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum iyayen yara da 'yan'uwana malamai. Ina sanar da ku cewa ranar Juma'ar ƙarshen wannan zango zan ajiye aiki, bayan shekara 11 a wannan makaranta. Na same ta ajujuwa biyu ba rufi, yara suna watsewa da zarar hadari ya haɗo. Ku iyaye kuka yi karo-karo, malamai suka ɗauki kwano a ka, har aka rufa su kafin damina. Ba zan manta da wannan ba. Ina gode wa malamai, da maigadi, da masu shara, da kwamitin makaranta, da mai unguwa da liman. Kafin hukuma ta turo sabon shugaba, duk mai buƙata ya ga mataimakina a ofis. Zama tare ba ya rasa saɓani. Wanda na ɓata wa, da sanina ko ba da sanina ba, ya yafe mini, ni ma na yafe wa kowa. Allah ya yi wa yaranmu albarka. Wassalam."

Jimlar farko ta faɗi labarin da ranarsa, ba tare da dogon share fage ba. Daga nan sai tunawa guda ɗaya tak, kuma a nan ne daɗin wasiƙar yake. Kalmomi irin su "haɗin kai" da "goyon baya" ana iya rubuta su ga kowace makaranta a ƙasar. Rufin ajujuwa biyu kuwa na mutanen wannan unguwa ne, kuma duk wanda ya ba da naira ɗari a karo-karon zai ji da shi ake. A lura kuma cewa aikin an jingina shi ga iyaye da malamai. Shugaban da ya jero gine-ginen da "ya yi" ya mai da bankwana rahoton yabon kai, mutane kuwa suna ganewa.

Godiyar ta bi rukuni-rukuni, ba ta kama sunan kowa ba. Makaranta mai malamai 20, in aka ambaci shida, an ɓata wa 14 rai, kuma wasiƙa aba ce da ake ajiyewa. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne maigadi, alhali sau da yawa ya girmi kowa daɗewa a wurin.

Batun magaji yana buƙatar hattara. Naɗa shugaban firamare aikin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ne da ta jiha, ba gadon da mai tafiya zai bayar ba. In ya rubuta sunan wanda yake fata, sannan takarda ta zo da wani suna, ya bar wa sabon shugaba iyayen da suka riga suka karkata ga wani. Sai takardar naɗi ta iso ake ambatar suna. Kafin nan, faɗin wanda za a tuntuɓa ya wadatar.

Neman yafiya shi ne abin da Bahaushe ke sauraro a kowace rabuwa, kuma wasiƙar da ta rasa shi za a ji ta da girman kai. Sai dai yana da iyaka. Yafiya ba ta share lissafi. In akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ko na kwamitin makaranta a hannun shugaba, a zauna da ma'aji a rufe lissafin, a sa hannu, kafin wasiƙa ta fita. In ba haka ba, "ku yafe mini" zai ɗauki wata ma'ana a majalisun unguwa. Haka kuma ƙorafin jinkirin ƙarin girma, ko fargabar fansho da giratuti, ko habaici ga malamin da aka daɗe ana takun saƙa da shi, duk ba nan ne muhallinsu ba. Iyaye ba su da maganin na farkon, habaicin kuwa kowa zai gane wanda ake nufi.

Akwai inda wasiƙa ɗaya ba ta isa. Idan shugaba yana son ya yi wa malamai magana kan aikin cikin gida, kamar jarrabawar 'yan aji shida da ke tafe, wannan na taron malamai ne ko na takardar miƙa aiki. Kafin a buga wasiƙar, gwaji mafi sauƙi shi ne a ba wani ɗalibi na manyan ajujuwa ya karanta ta da murya, a gyara duk inda ya yi tuntuɓe. Sannan shugaba ya sa hannu da biro, a manna kwafi ɗaya a allon sanarwa, a kai wa mai unguwa da shugaban kwamitin makaranta nasu hannu da hannu.