Man Ti-tiri: Ɗigo Nawa Fata Ke Ɗauka?

Kwalbar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, mai duhun ruwan ƙasa ce, kuma da zarar an buɗe murfinta sai wani ƙamshi mai kama da na kafur ya cika ɗaki. Ana samunta a shagunan kayan kwalliya da wajen masu haɗa man shafawa na gida, ana kiranta man ti-tiri. Sunan kan ruɗi mutane su zaci daga ganyen shayi aka tatso shi, alhali babu dangantaka tsakaninsu ko ta nesa. Itacen da ake samun man, wanda masana suka sa wa suna Melaleuca alternifolia, ɗan asalin fadamun gabashin Ostireliya ne, musamman arewacin jihar New South Wales. Mutanen Bundjalung, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna murza ganyensa don magani tun kafin wani masanin sinadarai mai suna Arthur Penfold ya bayyana ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta a shekarun 1920.

Da tururi ake tatso man, kuma ganye kilo 100 ba ya ba da abin da ya wuce kilo ɗaya zuwa biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum irin kaifin abin da ke cikin 'yar kwalbar. Sinadarin da ke yin yawancin aikin shi ne terfinen-4-ol, wanda ya haura kashi ɗaya cikin uku na mai mai kyau, kuma yana lalata bangon ƙwayoyin bakteriya da na fangas. Sai dai abin da ya faru a kwanon gwaji daban, abin da zai faru a fuskar mutum daban.

A kan kurajen fuska ne shaidar ta fi armashi. A 1990 likitoci a Ostireliya suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 124 masu ƙananan kuraje zuwa matsakaita. Wasu aka ba su jel mai kashi 5 cikin ɗari na man ti-tiri, wasu kuma benzoyil feroksaid mai kashi 5, wato maganin kuraje da aka saba sayarwa a kemis. Duka biyun sun rage kurajen. Man ti-tiri ya fi jinkiri kafin a ga aikinsa, amma masu shafa shi ba su yi kukan bushewa da raɗaɗi kamar ɗaya ɓangaren ba. A 2007 wani gwajin a Iran da mutum 60 ya gwada irin wannan jel ɗin da wani jel marar magani, ana shafawa sau biyu a rana, a bar shi minti 20 sannan a wanke, har tsawon kwana 45, kuma mai maganin ya yi rinjaye a fili.

Abin lura a nan shi ne duka gwaje-gwajen biyu da kashi 5 aka yi su. Abin da ke cikin kwalbar kasuwa kuwa yawanci zalla ne, wato ya ninka wancan ƙarfi sau 20. A ɗauki misalin budurwar da ake shirin bikinta, saura mako biyu, kuraje sun feso mata a goshi. Ta tsoma auduga a zallan man ta goge fuskar da daddare, ta ji zafi, ta ce ai magani ne ke ci. Kwana biyu fatar ta yi ja ta fara saɓulewa, kuma a baƙar fata irin tamu duk inda ya ƙone yakan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni kafin ya dushe. Kurjin da zai baje da kansa cikin mako guda ya zama tabon da hodar amarya ba ta rufewa. Idan kuma ta taɓa yin shafe-shafen man bilicin mai sitiroyid, fatar ta riga ta yi siriri, ɓarnar sai ta fi haka.

Da ta so yin abin a kan ƙa'ida, lissafin mai sauƙi ne. Ƙaramin cokalin magani yana ɗaukar mililita 5, kuma mililita ɗaya kusan ɗigo 20 ne, ko da yake bakin kwalba ya bambanta. Ke nan cokali ɗaya ɗigo 100 ne, kashi 5 cikin ɗari kuma ɗigo biyar. Sai ta ɗiga biyar a cikin cokali guda na mai marar nauyi irin man jojoba, ta gauraya, ta riƙa ɗosana wa kan kurjin kaɗai. Ruwa ba ya sirka shi, domin man yana tasowa sama ne ya taɓa fata da cikakken ƙarfinsa. Man kwakwa kuwa, duk da arharsa, yakan toshe ƙofofin fatar fuskar wasu ya ƙara musu kurajen. Ni dai a ganina, wanda ya samu jel da kamfani ya haɗa, an rubuta kashi 5 a jikinsa, ya fi mai haɗi a gida kwanciyar hankali. Sannan mako biyu ba su isa ba. Sai an yi shida zuwa takwas kafin a yanke hukunci. Manyan kuraje masu zurfi da zafi, waɗanda ke tara ruwa su bar rami, sun fi ƙarfin wannan mai, na likitan fata ne.

Kafin ko ɗigo ɗaya ya hau fuska akwai gwajin fata, kuma a nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Fata tana ƙin man ta hanya biyu. Ta farko ƙuna ce kawai, wadda ke zuwa nan take idan ƙarfin ya yi yawa, kuma kowa zai iya samunta. Ta biyu ita ce garkuwar jiki ta ɗauki man a matsayin abokin gaba. Wannan ba ta bayyana sai bayan kwana biyu ko uku, wani lokaci ma sai an yi ta shafawa kwanaki kafin jiki ya koyi ƙinsa. Shi ya sa shafawa a bayan hannu a jira minti goma ba gwaji ba ne. Abin da ya dace shi ne a shafa haɗin da aka sirka a lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, faɗin kamar tsabar kuɗi, safe da yamma, har kwana 7 zuwa 10. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, saboda haka a bi wurin da yatsa: in akwai ƙaiƙayi, ko kumburi, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa, ko wurin ya yi kaushi ya ƙara duhu, a wanke da sabulu a haƙura da man. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, yawanci ya ƙi ke nan har abada, kuma sai ya riƙa duba sabulu da man wanke gashi kada ya ci karo da shi a ciki. A asibitin fata ana tabbatar da haka ta hanyar manna ɗan man a gadon baya na awa 48, a cire, a sake duba wurin bayan kwana ɗaya ko biyu.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Iska da haske da zafi suna canza sinadaran man, su haifar da wasu sababbi waɗanda su ne suka fi tayar da garkuwar jiki. Kwalbar da ta yi bazara a kan teburin mai talla cikin ranar Afrilu, ko wadda aka buɗe tun bara, ba ita ce aka yi gwajin 1990 da ita ba. A nemi kwalba mai duhu da murfi a like, a ajiye ta a wuri mai sanyi, in ƙamshin ya canza ko man ya yi kauri a zubar. Wanda aka ɗura a farar roba ba tare da takarda ba, babu mai iya cewa mene ne a ciki.

Idan aka koma kan cututtukan fangas, labarin ya yi rauni. Ciwon nan na tsakanin yatsun ƙafa, da ke sa fata ta yi fari ta tsage ga masu yini cikin takalmi sawu ciki, an gwada masa kirim mai kashi 10 a 1992. Ƙaiƙayi ya ragu, amma ƙwayar cutar tana nan kamar ba a sa komai ba, wato ciwon zai dawo. Sai a 2002, da aka ɗaga ƙarfin zuwa kashi 50, aka samu ƙwayar ta mutu a wajen kashi 64 cikin ɗari na masu shafawa, a kan kashi 31 na waɗanda aka ba marar magani, wasu kuma fatarsu ta ƙi haɗin. Kirim ɗin kemis irin tabinafin ya fi wannan aiki. Ga farcen da ya yi kauri ya canza launi, wata shida na shafa zallan mai sau biyu a rana ya kashe ƙwayar a ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar. Amosanin kai kam yakan ragu da man wanke gashi mai kashi 5. Makeron kan yara kuwa kada a ɓata lokaci: ƙwayar tana cikin silin gashi da saiwarsa, inda abin shafawa ba ya kaiwa, kuma maganin sha na makonni irin girisiyofulbin ne ke kashe ta. Jinkiri na iya sa wurin ya kumbura ya yi ruwa, gashin ya tafi ba dawowa.

Mun saba da man habbatussauda da man zaitun, a shafa a kuma sha cokali guda, har wasu na ɗaukan kowane man itace haka yake. Man ti-tiri guba ne idan ya shiga ciki. Likitoci sun rubuta labarin yaro ɗan ƙasa da shekara biyu da ya sha abin da bai kai mililita 10 ba, cikin rabin awa ya ruɗe ya kasa tafiya, da wani ɗan shekara huɗu da ya suma har sai da aka taimaka masa da na'urar numfashi. Dukansu sun warke, amma a asibiti. Alamomin su ne layi kamar mai maye, barci mai nauyi, ruɗewa, amai, da ƙamshin man a baki.

In hakan ta faru, kada a sa wa yaro yatsa a maƙogwaro, kada kuma a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Amai da ɗure suna iya tura man cikin huhu, ciwon huhun da zai biyo baya kuma ya fi gubar farko haɗari. A goge masa baki, a cire rigar da man ya zuba a kai, in barci ya fara ɗaukarsa a kwantar da shi a kan gefensa, a nufi asibiti nan take ko da yana wasa, domin alamomin kan ɗan jinkirta. A tafi da kwalbar, a gaya wa likita lokacin da ya sha da yadda take kafin ya taɓa ta. Man ba shi da makari; abin da ake yi shi ne lura da numfashi har jiki ya fitar da shi. In a ido ya shiga, a wanke da ruwa mai gudu na minti 15. Kyanwa da kare ma yana sa su rawar jiki da shanyewar ƙafafu ko da a fata aka shafa musu zallansa, don haka mai neman kashe musu ƙuma ya nemi maganin da likitan dabbobi ya sani.