Yadda Jini Ke Ɗaukar Iska da Yadda Yake Sauke Ta

Jan launin jini daga himoglobin yake, wani furotin da ya cika jajayen ƙwayoyin jini. Kowane ɗaya na da sassa huɗu, kuma a tsakiyar kowane sashe akwai ƙwayar ƙarfe guda wadda oksijin ke maƙalewa a jikinta. Idan oksijin na farko ya kama, sai siffar furotin ɗin ta ɗan sauya, sauran ukun su samu sauƙin shiga. Shi ya sa jinin da ya baro huhu kan cika har kashi 97 cikin ɗari.

A ganina, saukewa ta fi ɗauka ban mamaki. Mutum na zaune yana hutawa, jini kan sauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na oksijin ɗinsa, ya koma huhu da sauran. To, dubi manomi yana huɗa da garma cikin rana. Tsokar damtsensa na ƙona abinci da sauri, tana fitar da kabon dayoksaid, wanda ke narkewa cikin jini ya ƙara masa tsami. Ma'aunin pH na iya sauka daga 7.4 zuwa 7.2. Tsamin nan kan tura himoglobin zuwa siffar da riƙonta ke da rauni, sai ya saki iskar. Christian Bohr, ɗan ƙasar Denmak, da abokan aikinsa suka gano tasirin kabon dayoksaid a 1904. Zafin tsokar ma sassauta riƙon yake yi. Ta haka damtsen manomin kan karɓe kashi uku cikin huɗu na oksijin da ya iso shi, ba tare da an tauye wa wata gaɓar rabonta ba. Da jinin ya koma huhu, kabon dayoksaid ya fita, tsami ya ragu, sai riƙo ya dawo.

Ƙwayar jinin kanta tana haɗa wani sinadari, 2,3-BPG, da ke shiga tsakiyar himoglobin ya rage masa riƙo. Yakan ƙaru ga mai ƙarancin jini, shi ya sa za ka ga wani idonsa fari fat amma yana ta harkokinsa. Himoglobin ɗin ɗan tayi kuwa bai cika kama wannan sinadarin ba, don haka yake iya janye oksijin daga jinin uwa ta mabiyiya.

Ga mai sikila, sakin iskar nan ne ke zama matsala. Himoglobin ɗinsa idan ya rabu da oksijin yakan manne da 'yan'uwansa, ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Zazzaɓi da tsamin jini na gaggauta sakin, saboda haka yaro mai sikila da jikinsa ya yi zafi asibiti ya kamata a kai shi ranar, ba a jira gobe ba.