Giram 6 ko giram 20: lissafin da ke bayan ledar biskit

Kwanakin baya na raka Yaya kanti sayen biskit ɗin shan shayi. Tun da likita ya ce sukarin jininta ya fara hawa, ba ta ɗaukar komai sai ta juya bayansa. Ta riƙe leda biyu, ɗaya an rubuta sukari giram 6, ɗayar kuma giram 20. Ba ta ɓata lokaci ba ta jefa mai 6 a kwando. Da muka koma gida na duba da kyau, sai na ga ashe wanda ta zaɓa ɗin shi ya fi sukari.

Abin da ya ruɗe ta shi ne, lambobin biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Giram 20 ɗin nan sukarin da ke cikin giram 100 na biskit ne. Giram 6 kuwa na kason ci ɗaya ne, wato abin da aka ƙiyasta mutum zai ci a zama guda, kuma a waccan ledar kason giram 25 ne kacal. Kamar a ce wata ta faɗa miki kuɗin gwangwanin shinkafa, wata ta faɗi na kwano, ke kuma ki yanke hukuncin cewa ta farko ta fi araha.

Dalilin da ya sa muke cin karo da salo biyu shi ne kayan kantunanmu daga ko'ina suke zuwa. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta a rubuta bayanin bisa giram 100, ko mililita 100 idan abin sha ne. Amurka kuwa bisa kaso ɗaya take rubutawa. Wasu kamfanonin sukan jera duka biyun gefe da gefe, kuma a nan ma ido yakan zame daga wannan layi zuwa wancan. Saboda haka kafin a karanta kowace lamba, a fara karanta abin da aka rubuta a samanta.

Hanyar da ba ta ɓatar da kowa ita ce a sauko da komai zuwa giram ɗaya. A raba adadin sukarin da nauyin da aka ce yana cikinsa. Biskit ɗin Yaya: 6 a raba da 25, ya ba da 0.24. Ma'ana, kowane giram ɗaya na biskit ɗin yana ɗauke da sukari giram 0.24. Daga nan sai ninkawa kawai. Idan ana son a gwada shi da ɗaya biskit ɗin, a ninka da 100, a sami 24. Ga shi nan, 24 da 20, wanda ta bari a kanti ya fi sauƙin sukari. Kalkuletar waya ta isa wannan aiki.

Amma gwada kaya biyu rabin aikin ne. Tambayar da ta shafi jiki ita ce, nawa aka ci? Ba kowane gida ke da sikelin kicin ba, sai dai ledar kanta takan taimaka, domin nauyin abin da ke ciki yana rubuce a gabanta. Ta Yaya giram 75 ce, muka ƙirga biskit 15 a ciki, ke nan kowane ɗaya giram 5 ne, kason da kamfanin yake nufi kuma guda biyar ne. Wa ke tsayawa a biyar in shayi ya yi daɗi? Ranar ta ci tara. Tara sau biyar, giram 45, a ninka da 0.24, sukari giram 10.8. Da ta cinye ledar baki ɗaya, da giram 18 ta ci, ninki uku na lambar da ta gani a kanti. Ƙaramin cokalin shayi, in an share bakinsa, yana ɗaukar sukari kusan giram 4, don haka 18 ɗin nan cokali huɗu da rabi ne.

Lemon kwalba ya fi sauƙin lissafi, amma ya fi ba da tsoro. Galibin masu zaƙin nan suna da sukari tsakanin giram 10 da 11 a mililita 100. Tarkon a nan shi ne girman robar da santilita ake rubuta shi, kuma santilita ɗaya mililita goma ce. Roba mai santilita 50 mililita 500 ce, wato 100 sau biyar. Idan an rubuta 10.6, wanda ya shanye robar ya sha giram 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ga babban mutum ya kama kusan giram 50.

Inda na ga masu lura ma suna tuntuɓe shi ne abin da ake dafawa. Mu ɗauki taliyar leda irin ta teburin mai shayi, a ce an rubuta sodiyam miligiram 1,600 a giram 100. Yawanci busasshiyar ake nufi, ita da garin ɗanɗanonta, sai fa in an rubuta cewa bayan dahuwa ne. Taliya kuwa in ta dahu ta sha ruwa, nauyinta yakan ninka har ya wuce. Wanda ya auna dafaffiya ya ninka da lambar busasshiya zai sami adadin da ya zarce gaskiya nesa ba kusa ba. Da nauyin ledar ake aiki. Mai giram 120 ke nan: 1,600 a raba da 100 ya ba da 16, a ninka da 120, miligiram 1,920. Haka abin yake ga garin madara, a tabbatar ko lambar ta garin ce ko ta damammiya.

Sodiyam kuma ba shi ne gishirin ba, wani ɓangarensa ne. Wasu ledojin sodiyam suke rubutawa, wasu gishiri, kuma mai hawan jini yana buƙatar ya iya mayar da wannan zuwa wancan. A ninka sodiyam da biyu da rabi. Miligiram 1,920 ya zama 4,800, wato gishiri giram 4.8, tun da miligiram dubu ne giram ɗaya. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi ita ce ƙasa da giram 5 a yini. A wannan misalin, faranti ɗaya ya kusa cinye rabon yinin tun kafin mai shayi ya ƙara dunƙule.

Ta yaya za a gane an yi kuskure? Idan abin da kika ci ya fi kason da aka rubuta, dole amsarki ta fi lambar ledar girma. In ta fito ƙasa da ita, akwai kuskure a lissafin. Haka kuma babu yadda giram 100 na abinci zai ƙunshi sukari ko kitse giram 140, in hakan ta fito to miligiram da giram ne suka cakuɗe.

Sifili ma a yi hattara da shi. A dokar Amurka, idan sukarin kaso ɗaya bai kai rabin giram ba, an yarda a rubuta 0, kuma sifili ko sau nawa aka ninka shi sifili zai bayar a waya, alhali a ciki ba haka abin yake ba. Idan leda ta ba da layi biyu, ni dai na giram 100 nake ɗauka in yi lissafina da shi, domin ɗan ragi ko ƙarin da aka yi don lamba ta cika bai cika yin tasiri a can ba.

Yaya yanzu ta haddace nauyin biskit ɗinta, giram biyar kowane ɗaya, kuma tana ƙirga huɗu a faranti ta mayar da ledar cikin kabad kafin ta zuba shayin.