Wasiƙar Banki a Takardun Neman Kwangila: Yadda Ake Gane Sahihiya

Duk wanda ya saba karanta tallar kwangilar gwamnati a jaridun Najeriya ya san jerin takardun da ake nema: shaidar rajista da Hukumar CAC, takardar biyan haraji ta shekara uku, sai kuma wasiƙa daga banki mai nuna cewa ɗan kwangila abokin hulɗarsu ne, kuma a shirye suke su ba shi rance idan aikin ya buƙata. Wannan wasiƙa ta fi sauran sauƙin ƙirƙira, domin mai kwamfuta da injin buga takarda mai launi zai iya haɗa ta cikin ɗan lokaci.

Kwanan wata ne abin dubawa na farko. Ya kamata ya faɗo tsakanin ranar da aka yi talla da ranar rufe karɓar takardu, wasiƙar kuma ta ambaci ma'aikatar da sunan aikin. Wadda aka rubuta bara don wani aiki ba ta faɗi komai kan halin da kamfani ke ciki yau ba. A lura da sunan bankin ma. Diamond ya narke cikin Access a 2019, Babban Bankin Najeriya kuma ya soke lasisin Heritage a watan Yunin 2024, don haka wasiƙa mai tambarinsu da kwanan watan bana ta tona kanta.

Sai sa hannu. Bisa al'ada jami'ai biyu masu izini ke sa hannu, da sunayensu da muƙamansu. Amma ido ba ya isa, tunda ana iya ɗauko sa hannu daga tsohuwar takarda a liƙa. Hanya ita ce a rubuta wa bankin a tambaye shi ko daga gare shi wasiƙar ta fito. Kada a kira lambar wayar da ke jikin wasiƙar. Idan ta jabu ce, wanda ya haɗa ta ne zai ɗauka. A kai takardar tambaya reshen da hannu, ko a aika hedikwata ta adireshin da aka samo daga bankin kansa. Banki ba ya buɗe sirrin asusu sai da yardar mai shi, saboda haka a sa mai neman aikin ya ba da izini a rubuce tun da wuri.

A ganina, babban aikin yana wajen gwada wasiƙar da tarihin asusu, kuma nan ne kwamitoci suka fi yin sakaci. A ce ana neman mai gina ajujuwa na naira miliyan 80. Wasiƙa ta ce kamfani ya buɗe asusu a 2018, kuma kuɗin da ke ratsa shi a shekara ya kai "adadi tara", wato miliyan 100 zuwa sama. Da aka duba takardar CAC, sai aka ga a 2021 aka yi wa kamfanin rajista. Ta yaya kamfanin da ba a haifa ba ya buɗe asusu? Ko dai asusun mai kamfanin ne na ƙashin kansa, ko kuwa an yi ƙari. Shi ya sa ake daidaita lambar asusu mai alƙaluma goma da sunan kamfani harafi da harafi a dukkan takardun.

Sannan a buɗe bayanan asusu na wata goma sha biyu. A ce duk abin da ya shiga miliyan 62 ne, wanda tun nan bai kai adadi tara ba. A cikinsa kuma miliyan 50 ta shigo a dunƙule kwana biyu kafin ranar wasiƙar, ta fice kwana uku bayanta zuwa inda ta fito. Wannan kuɗin aro ne da aka yi wa asusu ado da shi. Ainihin cinikin miliyan 12 ne, kuma mai irin wannan ƙarfi zai sha wuya kafin ya kai ginin miliyan 80 ga linta ba tare da an biya shi ba. A ɗauki kalkuleta a bi wasu layuka: ragowar jiya, a tara abin da ya shiga, a debe abin da ya fita, dole ya ba da ragowar yau. Mai gyara alƙaluma yakan sauya layi ɗaya ya manta da na ƙasa.

Ko wasiƙar ta tabbata sahihiya, tana da iyaka. Galibi a ƙasanta akwai jimlar da ke cewa bankin bai ɗauki wani alhaki ba, wato shaida ce kawai, ba lamuni ba. Kwamitin da ke son lamuni sai ya nemi takardar garanti daban.

Ɗan kwangila mai gaskiya shi ma ya karanta wasiƙarsa kafin ya bar reshe, ya gwada ta da bayanan asusunsa, ya sa a gyara kuskure nan take. Ya kuma guji dillalan da ke cewa za su "samo" masa wasiƙa. Dokar sayayya ta gwamnatin tarayya ta 2007 ta tanadi cewa kamfanin da kotu ta samu da amfani da takardar jabu za a hana shi kwangilar gwamnati na aƙalla shekara biyar, ya kuma biya tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin aikin.