Wasiƙar Maigida Daga Ƙasar Waje: Tsarinta da Layinta na Ƙarshe

Wasiƙar da magidanci Bahaushe yake aiko wa matarsa daga wurin neman kuɗi tana ɗauke da abubuwa uku a takarda guda: shaidar cewa yana raye, lissafin abin da ya aiko, da kuma begen da ke cin zuciyarsa. Biyun farko ana faɗinsu a fili. Na ukun kuwa sai an yi masa dabara, kuma ɗaya daga cikin dabarun da suka yaɗu tsakanin waɗanda suka taɓa zaman aji ita ce rufe wasiƙar da layi guda na Turanci.

Tafiya neman arziki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Fatake sun bi hanyar Gwanja sayen goro, wasu suka zauna a zangunan Kumasi da Ankara, wasu suka yada zango a Sudan kan hanyarsu ta zuwa Makka. Daga baya Jidda, Libiya da Abijan suka zama wuraren ci-rani. A da malami ne yake rubuta wa matafiyi takarda da ajami, wani malamin ya karanta ta a gida. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, sannan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 a Najeriya, su suka sa boko ya shiga gidaje har miji ya iya rubutawa da hannunsa. Amma mai karantawa a gida ba kullum matar ba ce, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsara yadda wasiƙar take fitowa.

Takardar ba kasafai take bin gidan waya ba. Hannu da hannu ake ba da ita, ga alhaji mai komawa gida, ko direban babbar mota, ko ɗan gari da ya gama nasa ci-ranin. Idan ta iso, zaure take fara tsayawa, a hannun mahaifin miji ko wansa. Matar da ba ta yi boko ba kuwa sai ta kira ɗan makaranta, wataƙila ƙanen mijin ne, ya karanta mata a tsakar gida, uwar miji tana jin komai daga bakin ɗakinta. Mai rubutu ya san da haka tun kafin ya ɗauki biro. Shi ya sa ba ya kiran sunan matar kai tsaye, sai ya ce "Maman Abba", ko "uwargida", ɗan farinsu kuma ya ce "yaron nan", don kunya ba ta bari a ambaci sunansa.

A ɗauki misalin direba daga Katsina da ke aiki a Jidda, wanda ya sami mai komawa gida bayan aikin Hajji. Zai fara da bisimilla da sallama, sannan "bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda nake a nan". Sai jerin gaisuwa bisa girma: Baba, Inna, surukai, yara, maƙwabta. Wanda aka tsallake zai ji labari, kuma matar ce za ta sha ƙorafin. Daga nan sai maganar kuɗi, inda ba a son kwana-kwana. Idan Riyal 500 ya aiko, zai rubuta adadin da lamba, ya sake rubuta shi da kalmomi, ya kuma rarraba: 200 na hatsi, 100 na Inna, 100 na makarantar yara, ragowar 100 kuma "naki ne, kada ki taɓa shi don cefane". Rubuta adadi sau biyu yana kare ɗan aike daga zargi, yana kuma tona shi idan ya ci amana, domin ana iya ƙara wa lamba ko a goge ta, amma gyara kalmomi yana barin tabo a takarda.

A irin wannan wuri ne mai lura zai fara ganin soyayyar, tun kafin a zo ƙarshe. Kuɗin da aka ware mata ita kaɗai saƙo ne. Haka tambayar ko ciwon kan da take yi da zafin bazara ya sake ta, ko an gyara indararon ɗakinta kafin damina. Wani zai rubuta cewa tun da ya zo bai ci tuwo da miyar kuka mai daɗin na gida ba. Ɗan makarantar da ke karantawa zai ɗauka zancen abinci ne, ita kuwa ta san hannun da ake nufi. Wannan lulluɓi ba ƙarancin so ba ne, kuma wanda ya auna wasiƙar da yawan kalmomin ƙauna ya yi mata rashin adalci.

Bayan "haza wasalam, ni ne mijinki", can ƙasan takarda, sai layin Turancin ya zo shi kaɗai, gajere, yawanci abin da kunne ke ji kamar "ai lob yu" ko "ai mis yu", wato ina son ki, ina kewar ki. Hausa ba ta rasa waɗannan kalmomi ba, littattafan soyayya na Kano tun shekarun 1980 cike suke da su. Nauyinsu ne ya yi yawa a bakin magidanci a gaban iyayensa. Turanci yana rage wannan nauyi ta hanya biyu. Dattawan gida ba sa jin sa, ko sun ji ma sai su kawar da kai. Shi kuma mai rubutu yana iya faɗin abin da ke ransa ba tare da ya ji ya zubar da girma ba. Mai karantawa idan yana da hankali yakan tsaya a "wasalam", ya miƙa mata takardar, ya ce akwai saura. A Nijar, inda makaranta ta Faransanci ce, layin yakan zo da Faransanci, amma aikinsa ɗaya ne.

Dabarar tana da inda take ɓaci. Idan matar ba ta san ko waɗannan 'yan kalmomin ba, sai ta nemi mai fassara, asirin da aka so rufewa ya tonu a bakin wani. Idan kuma wani abokin aiki ne ya rubuta wa mijin layin, ana ganewa: rubutun hannu ya canza, ko layin ya yi tsawo da ƙawa fiye da Turancin da aka san mutumin da shi, sai matar ta fara tunanin waye ya ga takardarta. A gidan mata biyu lamarin ya fi haɗari. Kowace da takardarta, kuma idan ta amarya ta ƙare da Turanci ta uwargida ta ƙare da lissafin hatsi, magana za ta fita, ko da kuɗin da aka aiko daidai suke.

Wasiƙar tana da nauyi a shari'a ma. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace babu labari tana iya kai ƙara gaban alƙali, a ɗiba mata shekara 4, sannan ta yi idda, wadda aka bari ba ciyarwa kuwa ba sai ta jira haka ba. Takarda mai kwanan wata da adadin kuɗi hujja ce cewa miji yana raye kuma yana sauke hakki. Haka nan saki a rubuce yana iya aukuwa, don haka malamai suke jan kunnen mai rubutu cikin fushi.

Yau wayar hannu ta karɓe yawancin aikin takarda, kamar yadda kaset ya taɓa karɓar wani sashe a wurin waɗanda ba su iya rubutu ba. Saƙon murya na WhatsApp ma sau da yawa a tsakar gida ake kunna shi, yara da surukai suna saurare, shi ya sa har yanzu magidanta da dama suke jera gaisuwa da lissafi a murya, su turo layin Turancin daban a rubuce.