Rumbun da Ya Ƙare da Rumbun da Aka Kulle: Ƙarancin Jini Iri Biyu

A ce mata biyu ne a layin asibiti, kowacce na kukan jiri da kasala, idon ya yi fari fat. Gwaji ya nuna himogulobin ɗin kowacce giram 9, alhali na mace baliga marar ciki bai kamata ya gaza 12 ba. Aka ba su ƙwayar ƙarin jini iri ɗaya. Bayan wata guda ta farkon ta haura 10 da ɗoriya, ta biyun kuwa tana nan inda take, sai baƙin bayan gida da taurin ciki da maganin ya ja mata.

Ta farkon, sinadarin ƙarfen da jiki ke ƙera jini da shi ne ya ƙare mata: haihuwa kusa-kusa, ga jinin al'ada mai yawa. Tsutsar ciki mai shan jini da gyambon ciki ma sukan jawo haka. Rumbunta babu komai, shi ya sa da aka zuba ya karɓa. Za ta ci gaba da sha kamar wata uku bayan jinin ya daidaita, kuma dole a nemo inda yake tsiyaya.

Ta biyun tarin fuka ne ke cin ta a ɓoye. Ƙarfe na nan a jikinta, an dai kulle rumbun ne. Idan ciwo ya daɗe, ko tarin fuka ne, ko ƙanjamau, ciwon ƙoda ko sankara, hanta kan ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin. Shi ke hana hanji tsotsar ƙarfe daga abinci, ya kuma hana ma'ajiyar jiki sakin wanda ta tara. Dabara ce ta hana ƙwayoyin cuta abin da suke rayuwa da shi, sai dai ɓargo, inda ake ƙera jinin, shi ma ya kwana da yunwa.

Gwajin yawan jini kaɗai ba ya raba su, sai an auna feritin, wato ma'aunin abin da ke rumbun. Ƙasa da 15 shaida ce ya ƙare. A mai doguwar jinya kuwa yakan fito daidai ko sama, kuma nan tarkon yake, don ciwon kansa kan ɗaga feritin, ya rufe ƙarancin gaske idan mutum na ɗauke da biyun. Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga babba mai irin wannan ciwo, ƙasa da 70 ma ƙaranci ne.

Ɗura maganin a makance ba ƙaramin ganganci ba ne. A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, wani bincike da aka wallafa a 2006 ya gano yaran da aka bai wa ƙarfe ba tare da tantancewa ba sun fi kwanciya a asibiti. Ita kuwa mace ta biyun, maganin tarin fuka na wata shida take buƙata. Ciwon na lafawa, hefsidin zai sauka, jinin ya fara hawa.